Shinge Ɗaya, Fili Dabam-dabam: Wace Siffa Ta Fi Cin Ƙasa?

Akwai wani kuskure da ya daɗe a cikin zukatan mutane, har da waɗanda suka yi karatu. Mutum ya kan zaci in gonaki biyu suka ci shinge daidai da juna, to, girmansu ma ɗaya ne. Ba haka abin ya ke ba. Tsawon shinge abu ne dabam, yawan ƙasar da ke cikinsa kuma abu ne dabam. Wayar da ta kewaye wa wani ɗan siririn fili, ita ce za ta kewaye wa wani ninkinsa uku ko fiye, ba tare da an ƙara ko taƙi ɗaya ba. Siffar da aka ba filin ita ce ta ke raba gardama.

Muna so mu bi wannan magana daki-daki, domin ta shafi malamin da zai kafa lambun makaranta, ta kuma shafi akawun da a ke aikawa ya auno gona ko fuloti. Za mu ɗauki misali ɗaya mu riƙe shi har ƙarshe. A ce an ba wata makaranta waya wadda za ta isa shingen yadi 88, har da wurin ƙofa, aka ce ta kewaye lambu. Ƙasa tana nan a shimfiɗe, babu mai hanawa. Wace siffa za a ba lambun don a sami fili mafi yawa? Mun yi awon da yadi, amma wanda ya saba da mita ya sa mita a wurinsa, lissafin ba zai sake ba.

Kewaye da fili

Da farko sai mu tsai da kalmomi biyu. Kewaye shi ne tsawon tafiyar da mutum zai yi in ya bi gefen lambu ya komo inda ya tashi. Da yadi a ke auna shi, kamar igiya. Fili kuwa shi ne yawan ƙasar da ke ciki, kuma da murabba'in yadi a ke auna shi. Murabba'in yadi ɗan fili ne mai yadi ɗaya a tsawo, yadi ɗaya a faɗi. In an tara irinsa 4,840 an sami eka ɗaya.

Yawancin lambuna suna da siffar tabarma, watau kusurwa huɗu, gefe biyu dogaye, gefe biyu gajeru. Filin irin wannan siffa shi ne tsawo sau faɗi. Kewayenta kuwa tsawo biyu ne da faɗi biyu. Saboda haka in shingenmu yadi 88 ne, tsawo ɗaya da faɗi ɗaya tilas su haɗu su ba da 44. Duk abin da aka ƙara wa tsawo, daga faɗi aka ɗebe shi. Ga abin da a ke samu in an gwada siffofi shida:

- tsawo 40, faɗi 4: fili 160
- tsawo 34, faɗi 10: fili 340
- tsawo 30, faɗi 14: fili 420
- tsawo 26, faɗi 18: fili 468
- tsawo 24, faɗi 20: fili 480
- tsawo 22, faɗi 22: fili 484

Dukansu shida shingen yadi 88 suka ci. Amma na ƙarshe ya ninka na farko sau uku har da ɗan ragowa. Wannan na ƙarshe, wanda tsawonsa da faɗinsa suka zo daidai, shi ne murabba'i. Filinsa, murabba'in yadi 484, kashi ɗaya ne cif daga cikin goma na eka.

Dalilin da murabba'i ya fi

Jerin lambobi ba hujja ba ne. Mai gardama zai iya cewa watakila akwai wata siffar tabarma da ba mu gwada ba, wadda ta wuce 484. Ga hujjar da za ta rufe bakinsa, kuma malami zai iya nuna ta da takarda da almakashi.

A ɗauki lambun nan mai tsawo 26 da faɗi 18. Tsawonsa ya wuce 22 da yadi 4, faɗinsa ya kasa 22 da yadi 4. A yanke rarar nan daga ƙarshen tsawon. Abin da aka yanke ƙyalle ne mai yadi 4 a wani gefe, yadi 18 a ɗaya gefen. Abin da ya saura kuma yana da tsawo 22 da faɗi 18. To, a juya ƙyallen a kwantar da shi a jikin gefen nan mai yadi 22, don a cike faɗin ya kai 22. Zai cike, amma ba duka ba. Wurin da a ke son rufewa tsawonsa 22, ƙyallen kuwa 18 kaɗai ya ke da shi. Sai a ga wani gurbi ya saura a kusurwa, mai yadi 4 a tsawo, yadi 4 a faɗi, watau murabba'in yadi 16. In an ɗebe 16 daga 484, saura 468, daidai da abin da ke cikin jerinmu.

Haka za a samu ga kowace siffar tabarma. In tsawo ya wuce 22 da yadi 2, gurbin 2 sau 2 ne, watau 4. In ya wuce da 8, gurbin 8 sau 8 ne, watau 64. In ya wuce da 18, gurbin 324 ne, shi ya sa na farkon jeri ya tashi da 160 kurum. Gurbin ba ya ɓacewa sai in babu rara ko kaɗan, watau sai in tsawo da faɗi sun daidaita. Don haka babu wata siffar tabarma da za ta kamo murabba'i, balle ta wuce shi.

Akwai wani amfani a cikin wannan hujja da ya kamata a lura da shi. Ƙaramin kauce wa murabba'i ba ya jawo hasara mai yawa. Wanda ya yi 24 da 20 saboda wani itace ya tare masa hanya, murabba'in yadi 4 kaɗai ya rasa daga 484, abin da bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Amma hasarar tana hawa da sauri. In kaucewa ta ninka sau biyu, hasara ta ninka sau huɗu. In ta ninka sau uku, hasara ta ninka sau tara. Saboda haka ba sai an tsananta a kan inci ɗaya ko biyu ba. Abin gudu shi ne dogon fili siriri.

Da'ira ta fi murabba'i

Murabba'i sarki ne a cikin masu kusurwa huɗu, amma sarautarsa a nan ta tsaya. In aka yi wa shingen nan na yadi 88 gefe uku daidai da juna, fili zai zama kamar 373. Gefe huɗu ya ba mu 484. Gefe shida daidai zai ba da kamar 559. Gefe takwas, kowane yadi 11, zai ba da kamar 584. Muddin gefuna da kusurwoyi sun daidaita, ƙarin gefe ƙarin fili ne, siffar kuma tana ƙara kusantar da'ira.

To, nawa da'irar kanta za ta ci? Kewayen kowace da'ira ya ninka faɗinta sau uku da kashi ɗaya cikin bakwai, watau 22/7. Wannan lamba kusantarwa ce, amma ta ishe mu a aikin lambu. In kewaye 88 ne, faɗin da'irar yadi 28 ne, domin 28 sau 22/7 shi ne 88. Rabin faɗin, watau daga tsakiya zuwa gefe, yadi 14 ne. Filin da'ira kuwa shi ne rabin faɗi sau rabin faɗi sau 22/7. To, 14 sau 14 ya ba da 196, kuma 196 sau 22/7 ya ba da 616.

Ke nan da'ira ta fi murabba'i da murabba'in yadi 132. Wannan ƙari ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na lambun. Ko wane irin tsawo shinge ya ke da shi, rabon ba ya sakewa: inda murabba'i ya ci 11, da'ira za ta ci 14. Wanda ya haddace lambobin nan biyu ya huta da dogon lissafi.

Amma me ya hana a sami wata siffa, mai kama da ƙwai ko ganye, da za ta fi da'ira? Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, Jakob Steiner, ya kawo hujja mai daɗin ganewa. Matakanta uku ne.

Na ɗaya, siffar da ta fi kowace fili ba za ta kasance da lotsawa ba. In shinge ya lotsa ciki a wani wuri, ana iya juyo wannan yanki waje, kamar yadda a ke juya hannun riga. Tsawon waya bai sake ba, fili ya ƙaru.

Na biyu, a sa alama a wurare biyu a jikin shingen, waɗanda suka raba tsawonsa biyu daidai, a ja miƙaƙƙiyar igiya tsakaninsu. Tilas igiyar ta raba filin ma biyu daidai. In wani ɓangare ya fi, sai a watsar da ƙaramin, a maimaita babban a wurinsa kamar hoto a madubi, fili ya ƙaru da waya iri ɗaya. Saboda haka ya isa mu duba rabi ɗaya kurum.

Na uku, a zaɓi kowane wuri a jikin shingen wannan rabi, a miƙa sanduna biyu daga nan zuwa bakunan igiya biyu, a ɗaure su kamar almakashi. Ana iya buɗe almakashin ko a tsuke shi, yankunan shingen da ke bayan kowace sanda su bi ta yadda su ke, igiyar kuwa ta ƙara tsawo ko ta ragu, domin ita ba waya ta ke ci ba. Abin da ke sakewa kawai shi ne filin da ke tsakanin sandunan. Wannan fili yana kai matuƙarsa sa'ad da sanda ta tsaya cak a kan 'yar'uwarta, kamar kusurwar littafi. Don haka a siffar da ta fi kowace, ko ina aka zaɓa a jikin shinge, irin wannan kusurwa za a samu. Tun zamanin Yunanawan farko an san siffar da ke da wannan hali ita ce rabin da'ira. Rabi biyu kuwa su ne da'ira.

Masanan da suka biyo baya sun gano giɓi ɗaya a hujjar. Steiner ya nuna duk siffar da ba da'ira ba ana iya gyara ta ta ƙara fili, amma bai tabbatar da cewa lalle akwai wata siffa da ta fi duka ba, ya ɗauka ne kawai akwai ta. Karl Weierstrass, Bajamushe, shi ya toshe wannan giɓi a cikin darussan da ya bayar a Berlin wajen 1879. Yau maganar tabbatacciya ce, babu sauran shakka a kanta.

Tsohon kuskure ne

Kada mai karatu ya ga kamar mutanen yau ne kaɗai ke ruɗa kewaye da fili. Folibiyus, marubucin tarihi Bayunane, wanda ya rayu a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce yawancin mutane da kewaye su ke kimanta girman gari. Ya ba da misali da birane biyu na ƙasarsu. Da ma'aunin tafiya na zamaninsu, kewayen Megalofolis 50 ne, na Isbarta 48, amma Isbarta ta ninka Megalofolis girma. Ya ce in an faɗa wa mutane haka ba su yarda. A wajen wannan zamani ne kuma wani masani mai suna Zenodorus ya rubuta littafi a kan siffofi masu kewaye ɗaya, inda ya nuna da'ira ta fi kowace siffa mai gefuna daidaitattu. Daga baya, a ƙarni na biyar bayan haihuwar Annabi Isa, Furokulus ya ambaci waɗanda suka cuci abokansu wajen rabon ƙasa. Sun ba su gonaki masu dogon kewaye da ƙaramin ciki, suka riƙe masu gajeren kewaye da babban ciki, har aka riƙa yabonsu da adalci.

Wannan shi ne wurin da akawu zai buɗe ido. Akwai wata gajeriyar hanya da waɗansu ke bi in an aike su awon gona: su taka kewayenta, su raba huɗu, su ninka abin da suka samu da kansa. Hanyar daidai ce in gonar murabba'i ce. In ba haka ba, ga mai gefe huɗu kullum sama ta ke harbi. A ɗauki wata gonar fadama da ta bi bakin rafi, tsawonta yadi 150, faɗinta 26. Kewayenta 352 ne. Mai gajeriyar hanya zai raba huɗu ya sami 88, ya ce 88 sau 88, ya rubuta 7,744, watau eka ɗaya da kashi shida cikin goma. Gaskiyar filin kuwa 150 sau 26 ne, watau 3,900, wanda bai wuce kashi takwas cikin goma na eka da wani abin kirki ba. Ya rubuta kusan ninki biyu na abin da ke ƙasa. In diyya za a biya, an cuci baitulmali. In rabon gado ne ko musanyar gona, an cuci wanda aka ba siririyar. Maganin abin shi ne a auna tsawo dabam, faɗi dabam. In gonar ta karkace, a yanka ta a takarda zuwa ƙananan siffofi, a auna kowace, a tara.

In akwai bango a gefe ɗaya

Sau da yawa ba a fili tsirara a ke kafa lambun makaranta ba. A kan jingina shi da katangar makaranta ko wani dogon bango miƙaƙƙe. A nan waya gefe uku kaɗai za ta tsare, kuma amsar ta kan sake. Wanda ya haddace cewa murabba'i ya fi, ba tare da ya gane dalili ba, zai raba 88 uku, kowane gefe yadi 29 da ƙafa ɗaya, ya sami fili kamar 860. Ya yi hasara.

A tuna da madubin nan na Steiner. A ɗauka bangon madubi ne. Lambun da hotonsa sun haɗu sun zama fili ɗaya mai shingen yadi 176, ninki biyu na 88. Mun riga mun san wannan babban fili zai fi yawa in ya zama murabba'i mai yadi 44 kowane gefe. Lambunmu rabinsa ne. Saboda haka gefen da ke fuskantar bango zai zama yadi 44, gefe biyun da suka taso daga bango kowane yadi 22. Jimlar waya 88, fili kuwa 44 sau 22, watau 968. Ƙa'idar ita ce, rabin waya ga gefen da ke fuskantar bango, sauran rabin a raba wa gefe biyu. Bangon ya ninka mana lambu, daga 484 zuwa 968, ba da ko sisi ba.

In aka lanƙwasa wayar ta zama rabin da'ira a jikin bangon, igiyar da za a ja daga tsakiya yadi 28 ce, filin kuma 1,232, ninki biyu na 616. Sai dai a duba tsawon bangon tukuna. Siffar tabarma tana bukatar bango mai yadi 44, rabin da'ira yana bukatar mai yadi 56. In bangon bai kai ba, lissafin bai hau ba.

Akwai tsohon labari a kan wannan. An ce Dido, gimbiyar da ta kafa birnin Kartaj a gaɓar Tunisiya ta yau, ta roƙi mutanen wurin ƙasa gwargwadon abin da fatar sa ɗaya za ta kewaye. Da suka yarda, sai ta sa aka yanyanka fatar siriri-siriri aka ƙulla ta zama doguwar igiya, ta kewaye tudu guda da ita. Masu lissafi su kan ƙara da cewa in a bakin teku ta yi, rabin da'ira ya fi mata riba, teku ya zama bangonta. Labarin almara ne, amma har yau da sunanta a ke kiran wannan matsala a littattafan lissafi.

Yadda a ke fitar da siffar a ƙasa

Lissafin takarda ba ya tsare akuya. A wajen kafa turaku ne a kan yi ɓarna, kuma ɓarnar da ta fi yawa ita ce karkacewar kusurwa. Mutum zai iya auna gefe huɗu, kowane yadi 22 cif, amma filin ya kwanta gefe ɗaya kamar tsohuwar rumfa. In kusurwar ta tsuke da kashi ɗaya cikin uku, fili zai sauko daga 484 zuwa kamar 419, alhali duk gefunan daidai su ke.

Ga yadda magina ke tsai da kusurwa. A sami igiya mai yadi 12, a ƙulla bakinta biyu, a sa alama a yadi 3, sa'an nan bayan yadi 4, saura yadi 5. Yara uku su riƙe alamun su ja igiyar ta miƙe. Kusurwar da ke tsakanin gefen 3 da gefen 4 ita ce tsayayya. Bayan an kafa turaku huɗu, a gwada aikin: a ja igiya daga kusurwa zuwa wadda ke can ƙetare, a sake yi da sauran biyun. In awon biyu ya zo daidai, murabba'i ya tsaya. Ga mai yadi 22, kowane zai zama yadi 31 da kamar inci 4. In ɗaya ya fi ɗaya, a matsa turaku har su daidaita.

Da'ira ta fi sauƙin zanawa. A kafa turke a tsakiya, a zura masa igiya mai yadi 14, a ɗaura tsinke a bakinta, a zaga ana jan layi a ƙasa, igiya a miƙe. Kada a ɗaure ta tam a turken, don kada ta naɗe ta gajarce. Waya ba ta lanƙwasa tsakanin dirka da dirka, miƙewa ta ke yi, don haka abin da za a samu siffa ce mai gefe da yawa. Wannan ba abin damuwa ba ne. In an kafa dirka 44, yadi biyu-biyu tsakaninsu, filin zai zama kamar 615. Murabba'in yadi ɗaya kaɗai aka rasa.

Abu ɗaya kuma, a auna abin da shinge zai rufe da gaske kafin a fara lissafi. In zana ce ko darnin kara, bakin wata ya kan hau kan bakin wata, kuma wannan hawa yana cin tsawo. In waya ce, a ware abin da za a naɗe a dirkokin kusurwa. In kuma layi uku za a ja, tsawon shinge kashi ɗaya cikin uku ne na wayar da ke hannu.

Me ya sa ba a yin gona da'ira?

Mai karatu zai ce, tun da haka ne, don me gonaki da fuloti ba su zama da'ira ba? Amsar ita ce, duk lissafin nan an gina shi a kan sharaɗi ɗaya: shinge ne ya yi ƙaranci, ƙasa kuwa tana da yalwa. Inda sharaɗin ya cika, da'ira muke gani. Ɗakin bukka, da rumbu, da shingen ƙaya da makiyayi ke yi wa dabbobinsa a daji, duk a zagaye su ke, kuma kowannensu yana samun ciki mai yawa da bango kaɗan.

Inda ƙasa ce ta yi ƙaranci, magana ta juya. Da'irarmu mai faɗin yadi 28 tana zaune ne a cikin fili mai 28 sau 28, watau 784. Ta ci 616, ta bar 168 a kusurwoyi huɗu, ba na kowa ba. Da'irori ba su jeruwa ba tare da giɓi ba, kuma maƙwabta ba su iya tarayya a shinge ɗaya. Masu kusurwa huɗu kuwa suna manne wa juna, katanga ɗaya ta yi wa gida biyu aiki. Ban da haka kunya miƙaƙƙiya ce, garmar shanu tana son dogon layi don a rage juyawa, malamin gona kuma yana son fangali masu girma ɗaya da zai raba wa yara.

Ko murabba'i ma ba kullum a ke zaɓensa ba. Fulotin da aka saba yankawa a garuruwanmu, ƙafa 50 da ƙafa 100, kewayensa ƙafa 300 ne, filinsa murabba'in ƙafa 5,000. Da murabba'i ne mai ƙafa 75 kowane gefe, da katangar nan ta kewaye 5,625. Amma a gari bakin hanya ma abu ne mai tsada. Fuloti mai ƙuntataccen gaba yana sa gidaje da yawa su sami hanya ɗaya, da lambatu ɗaya, da bututun ruwa ɗaya. Saboda haka kafin a zaɓi siffa, a fara tambaya: mene ne ya yi ƙaranci a nan, shinge, ko ƙasa, ko bakin hanya?

Ga malamai

Shawararmu ita ce kada a fara wannan darasi da ƙa'ida a allo. A ƙulla zare mai inci 44 ya zama zobe, a shimfiɗa a daɓe, a ba yara gyaɗa ko tsakuwa masu girma ɗaya su cika cikinsa, ba tare da wata ta hau wata ba. Su fara da siriri mai inci 18 da 4, su ƙidaya. Su koma murabba'i mai inci 11, su ƙidaya. Sa'an nan su bar zaren ya buɗe iyakar buɗewarsa. Da idonsu za su ga yana komawa da'ira. Bayan haka a kawo lambobi: 72, da 121, da 154. Yaron da ya ƙidaya gyaɗar da hannunsa ba zai ƙara ruɗa kewaye da fili ba.

A ƙarshe ga tambayar da za a bar musu su kwana da ita. Aji biyu, kowane an ba shi wayar yadi 88. In kowane ya yi nasa murabba'i, jimlar filinsu 968. In suka haɗa wayarsu suka yi murabba'i ɗaya, nawa za su samu? Wayar ta zama 176, kowane gefe 44, fili 1,936. Shinge ya ninka sau biyu, fili ya ninka sau huɗu, kowane aji ya tashi da ninki biyu na abin da zai samu shi kaɗai. Yaron da ya iya faɗin inda ƙarin nan ya fito, a ba shi igiya da turaku, shi zai fitar da lambun makaranta na bana.